YADDA NA GYARA SIFFAR RANDA A CIKIN KWAMFUTA

A hutun da ya wuce na je Ushafa, kusa da Bwari, na sayo wata randa a hannun wata maginiya Bagwariya. Tsayinta santimita 45 ne, faɗin cikinta kuwa 40. A kafaɗarta an zana ƙadangare da kunama da tsinke tun yumɓu yana ɗanye, irin zanen da Ladi Kwali ta shahara da shi, wadda hotonta ke bayan takardar naira 20. Niyyata ita ce in sa siffar randan nan a cikin waya, yadda ko wane ɗalibi da zai fita koyarwa zai nuna wa yara, su juya ta da yatsa, su ga zanen ta ko wane gefe, ba tare da an ɗauki randa a ka an kai ƙauye ba.

Hanyar da a ke bi ana kiranta fotogirametiri, watau auna siffar abu daga hotuna. Na ɗora randar a kan gammo a inuwa, na ajiye rula kusa da ita, na kewaya ta sau uku ina ɗauka, sama da tsakiya da ƙasa, har hoto 140. Na zuba su cikin Meshroom, wata manhaja ta kyauta. Ita kuwa sai ta nemi ɗigon da ya bayyana a hotuna da yawa, ta lissafa inda ya ke, kana ta haɗa ɗigogin uku uku su zama alwatika. Alwatikan nan idan sun haɗu sai su zama kamar ragar masunta da aka lulluɓa wa randar. Saboda haka raga zan riƙa kiranta a wannan bayani.

Da na ga abin da ya fito sai murna ta koma ciki. Ga randa lalle, amma ga guntun ƙasa manne da gindinta, ga waɗansu ɓarɓashi suna shawagi a iska, ga ramuka, ga alwatika miliyan 3 da dubu 100. Da na tura wa waya, sai ta yi tsaye cik kamar jakin da aka yi wa kayan raƙumi. Dalili kuwa shi ne, in ana so abu ya juya sumul a ƙarƙashin yatsa, wajibi ne waya ta sake zana shi sau 30 ko 60 cikin daƙiƙa ɗaya. Ba ta da lokacin bin miliyoyin alwatika. To, aikin da ke tsakanin wannan ɗanyar raga da wadda waya za ta iya ɗauka shi ne abin da na ke so in bayyana muku, 'yan'uwana malamai da ɗalibai.

Kafin a taɓa kome

Abu biyu za a fara yi. Na farko, a kwafi ragar asali a ajiye ta wuri dabam, kada a taɓa ta. Ko wane gyara da za a yi yana rage wani abu daga abin da kyamara ta gani, kuma abin da aka share ba ya dawowa.

Na biyu, a daidaita awo. Manhaja ba ta san ko randa ce ko rumbu ba. Siffa kaɗai ta sani. Amfanin rular nan ke nan. Na auna ta a cikin ragar, na faɗaɗa dukan abin har santimita 30 na rula ya zama santimita 30 na gaskiya. Wanda ya tsallake wannan zai sha wuya nan gaba, gama duk adadin da zai rubuta a cikin akwatunan manhaja ba zai san me ya ke nufi ba.

Shiƙar tarkace

Na yi wannan sashi a cikin MeshLab, wadda masu bincike na birnin Pisa a Italiya suka fara fitarwa a 2005, ita ma kyauta ce. Da farko na zaɓi ƙasa da gammo da rula na share su da hannu. Alwatika suka ragu zuwa miliyan 2 da dubu 400. Abin da ya rage na tarkace iri uku ne, ko wanne da maganinsa.

Iri na farko shi ne ɓarɓashin da ke shawagi, wanda bai manne da randa ba. Yana fitowa ne in manhaja ta ruɗe, ta ɗauki ɗigo biyu dabam dabam a kan ɗaya ne. Wannan mai sauƙi ne. Akwai umurni mai suna `Remove Isolated pieces (wrt Diameter)`, wanda ke zubar da duk guntun da bai kai girman da ka faɗa ba. Sai dai a duba da ido bayan an yi, domin in wani yanki na leɓen randa ya rabu da uwar, shi ma zai bi ƙaiƙayi.

Iri na biyu shi ne sarƙa. A ragar kirki, ko wane zare alwatika biyu ne ke raba shi, ɗaya dama ɗaya hagu. Amma a ɗanyar raga akan sami zaren da uku suka kama, ko ɗigo biyu da suka hau kan juna. Ido ba ya ganinsu, amma su ne ke hana toshe rami daga baya. Sai a bi da `Remove Duplicate Vertices`, sa'an nan `Repair non Manifold Edges`. In kana so ka tabbata, `Compute Topological Measures` zai gaya maka ko sauran sarƙa, da kuma ramuka nawa ke akwai.

Iri na uku shi ne mai wuya, watau ƙuraje a jikin randar kanta. A gefen da maginiya ta goge da dutse har ya yi sheƙi, ragar ta fito da gurzu gurzu kamar bayan kwaɗo. Ga dalili. Manhaja tana dogara ne da cewa ɗigo yana nan inda ya ke ko ta ina aka dube shi. Sheƙi kuwa ba ya zama wuri ɗaya. In ka matsa, shi ma sai ya matsa. Don haka tukwanen da Ladi Kwali ta yi bayan ta shiga makarantar gini ta Michael Cardew a 1954, a garin da a lokacin a ke kira Abuja, yau Suleja, sun fi wuyar ɗauka bisa na ƙauye, domin an shafe su da ruwan gilashi kafin gashi.

A nan na yi kuskurena na farko. Na sa `Laplacian Smooth` a kan randar duka, na maimaita har sau 20. Abin da wannan ke yi shi ne ya ja ko wane ɗigo zuwa tsakiyar maƙwabtansa. Ƙuraje suka kwanta, amma da na juyo kafaɗa sai na tarar ƙadangare ya dushe, yatsunsa sun ɓace, leɓen randa kuma ya sirance. Garin gyaran gira na rasa ido. Na komo kan kwafin da na ajiye.

Karo na biyu na zaɓi wurin sheƙin kaɗai, kamar faɗin tafin hannu biyu, na yi amfani da `Taubin Smooth`. Gabriel Taubin ne ya fito da wannan dabara a 1995. Tana ja ciki taki ɗaya, kana ta tura waje taki ɗaya, saboda haka ƙuraje na kwanciya amma jiki ba ya ramewa.

Wataƙila wani ya ce, ƙaƙa zan bambanta ƙurjin manhaja da sawun yatsan maginiya? Ga yadda na ke yi. Na kashe launi, in bar ragar fara fat, in karkato haske ta gefe kamar na hantsi, sai ko wane tudu ya yi inuwa. Sa'an nan in koma ga hotuna. In na ga tudun nan a hotuna uku da aka ɗauka ta fuskoki dabam dabam, na maginiya ne, ba na taɓa shi. In babu shi a hoto, na manhaja ne.

Toshe ramuka

Rami a raga ba ɓarna ba ce, shaida ce: nan ne kyamara ba ta gani ba. Duk wanda ya toshe rami, ƙaga abu ya yi daga kansa. Don haka girman rami shi ke nuna abin da ya halatta.

Ƙananan ramuka, na tarar da su wajen 60, yawancinsu a ƙarƙashin leɓe inda inuwa ta yi duhu. Umurnin `Close Holes` yana tambayar iyakar girman ramin da zai toshe, kuma da yawan zaren da ke kewaye da bakin ramin ya ke ƙirgawa. Na bar shi a 30. A ragata ko wane zare bai kai milimita 1 ba, saboda haka rami mai zare 30 bai wuce ƙwayar wake ba. Abin da za a ƙaga a cikin ƙwayar wake ba zai yi nisa da gaskiya ba.

Manyan ramuka biyu ne, gindi inda ta zauna a kan gammo, da cikin baki. Da ƙyuya ta kama ni sai na ɗaga adadin nan zuwa dubbai, don a toshe kome gaba ɗaya. Manhaja ba ta san baki baki ne ba. Ta shimfiɗa masa fata ta ɗaure tam, randa ta koma ganga, gindi kuma ya zama faifai. Gyaran gangar Abzinawa ke nan.

Maganin gindi ba a cikin kwamfuta ya ke ba. Na kife randar, na sake ɗaukar hoto 50, na yi raga ta biyu, na haɗa ta da ta farko ta wurin zanen kafaɗa da ya bayyana a dukansu biyu. Abin da za a iya gani, a koma a gani. Hausawa sun ce tun ran gini tun ran zane: da na kife ta tun ranar farko, da na huta.

Cikin randa kuwa duhu ne, kyamara ba ta ga abin da ya wuce santimita 5 daga leɓe ba. A nan na yarda in ƙaga. Na ja bakin ramin zuwa ciki da hannu, na rufe shi can ƙasa kamar kwano, na ba shi launi mai duhu. Amma na rubuta a takardar da ke tare da fayil ɗin cewa daga nan zuwa ƙasa aikina ne, ba na maginiya ba. Malami ba ya nuna wa yara zato ya ce musu gani ne.

Sake saƙa raga

Yanzu muna da raga mai tsabta, amma nauyinta na nan. Bari mu yi ɗan lissafi, gama a cikinsa asirin aikin ya ke. Fatar randan nan, in aka shimfiɗa ta, wajen santimita murabba'i 5,000 ce. In ka raba alwatika miliyan 2 da dubu 400 a kanta, ko wane santimita murabba'i yana ɗauke da 480. Ni kuwa 20,000 na ke so duka duka, watau 4 kacal a wurin da a da a ke da 480.

Shin 4 sun isa? Ga kumburin ciki, sun isa har da saura. In ka ɗora miƙaƙƙen tsinke mai santimita 1 a jikin da'ira mai faɗin santimita 40, tazarar da ke tsakanin tsakiyar tsinken da da'irar ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na milimita ba, kamar kaurin gashin kai. Ido ba zai gane ba. Amma ga ƙadangare ba su isa ba ko kusa, domin faɗin layin zanensa milimita 2 ne, alwatika ɗaya kuwa ta fi shi faɗi sau huɗu ko biyar. Ashe siffar randa da zanenta ba a wuri ɗaya za su zauna ba. Raga za ta riƙe siffa, zane kuwa sai a nemo masa wani gida.

Hanyar rage raga biyu ce. Ta farko a bar manhaja ta yi: `Simplification: Quadric Edge Collapse Decimation`, dabarar da Michael Garland da Paul Heckbert suka bayyana a 1997. Tana duban ko wane zare, ta auna ɓarnar da za a yi in an haɗe bakinsa biyu, ta fara da wanda ɓarnarsa ta fi ƙanƙanta, har ta kai adadin da ka rubuta a `Target number of faces`. Ga dutse ko kango ko kututture, wannan ta wadatar, kuma minti kaɗan ne. Sai dai alwatikan da ta ke bari barkatai ne, manya da ƙanana da masu tsini.

Ta biyu ita ce a saƙa sabuwa, ita na bi, domin randa kewayayya ce. A cikin Blender na yi zobba 78 daga gindi zuwa cikin wuya, ɗaya bisa ɗaya, kamar yadda maginiya ke ɗora naɗin yumɓu, ko wane zobe na raba shi gida 128. Gidajen sun zama 9,984, ko wane gida kuwa alwatika biyu ne, jimla 19,968. Na matso da zobban kusa da juna a wuya da leɓe inda lanƙwasa ta yi tsanani, na sassauta su a ciki. Sa'an nan na sa `Shrinkwrap`, wanda ya ja sabuwar ragar ta lafe a jikin tsohuwar kamar rigar da ruwa ya jiƙa. Ta haka ɗan karkacen da randar ke da shi a gefe ɗaya, wanda ke nuna hannu ne ya gina ta, bai ɓace ba.

Mai da zane gidansa

Gidan zane hoto ne shimfiɗaɗɗe. Kafin a yi shi sai an feɗe sabuwar ragar, kamar yadda mahauci ke tsaga fata ya shanya ta a ƙasa. Na tsaga ta bayan randa inda babu zane, na kewaye gindi da wuya, domin inda aka tsaga wani lokaci yakan bar ɗan tabo. Na shimfiɗa ta a kan hoto mai ɗigo 2048 a tsaye, 2048 a kwance, watau ɗigo fiye da miliyan 4. Fatar ta ci wajen miliyan 3 daga ciki. In ka raba, ko wane ɗigo bai kai rabin milimita ba a jikin randa, saboda haka layin ƙadangare zai sami ɗigo biyar a faɗinsa. Ga gida ya samu.

Ɗauko zane daga tsohuwa zuwa sabuwa, a Blender sunansa `Bake`, watau gashi, kamar dai an san da tukwane a ke. Za ka sa `Cycles`, ka zaɓi tsohuwar raga tukuna, sabuwa daga baya, ka kunna `Selected to Active`. Daga ko wane ɗigo na hoton manhaja za ta harba kibiya ta sauka a kan tsohuwar raga, ta rubuta abin da ta tarar. Gashi biyu na yi. Na farko `Diffuse`, na bar `Color` kaɗai a kunne, don launi. Na biyu `Normal`. Wannan hoto ne mai shuɗi shuɗi wanda ba launi ya ke ajiyewa ba, sai dai inda ko wane ɗigo ya fuskanta, sama ko ƙasa ko gefe. In haske ya faɗo, waya za ta duba hoton nan ta yi inuwa kamar akwai kwari, alhali ragar a shafe ta ke.

Adadin da ke ba da wahala shi ne `Extrusion`, nisan da kibiya za ta ja baya kafin ta taso. Da na sa milimita 1, sai waɗansu tudu suka fito da tabo, domin kibiya ta taso daga ƙarƙashin fatarsu ta wuce ba ta gan su ba. Da na sa santimita 3, sai kibiyoyin wuya suka tashi daga cikin leɓe suka kwaso abin da ba nasu ba. Milimita 3 ya yi daidai, watau `0.003` in awon mita ne. Ƙa'idar ita ce ya ɗan ɗara tazara mafi girma da ke tsakanin ragogin biyu, kada ya wuce haka da yawa. A kuma tuna a sa hoton shuɗin a kan `Non-Color`. In an manta, inuwa za ta riƙa faɗuwa a karkace.

Yaya za a san aiki ya yi?

Ban yarda da idona kaɗai ba. Na mai da ragogin biyu cikin MeshLab na sa `Hausdorff Distance`, wanda ke auna nisan ɗaya daga ɗaya. Tazara mafi girma ta fito wajen milimita 2, kuma a cikin kwarin zane ta ke. Haka a ke so, gama wannan shi ne abin da muka mai da cikin hoto da gangan. Da a leɓe ko a ciki ta fito, da na san zobbana ba su zauna daidai ba. Na fitar da fayil ɗin a matsayin `.glb`. Na asali ya kusa megabayit 200, wannan bai kai 10 ba, kuma tsohuwar wayata ta juya shi ba gardama.

Amma kada a ɗora masa abin da ba zai iya ba. In ka juya randar har ƙadangare ya zo daidai gefe, za ka ga gefen a shafe, domin hoton shuɗin yana ruɗin haske ne, ba ya tona kwari. Ba a auna zurfin zane da wannan fayil, ba a kuma buga shi a injin ɗab'in siffa. Mai son haka sai ya koma ga ragar asali da muka ajiye. Kuma inuwar da ke jikin randa ranar ɗauka tana shiga cikin launi ta zauna, shi ya sa a ke ɗauka a inuwa ko ranar da hazo ya rufe rana.

Da na koma Ushafa na nuna wa maginiyar a waya. Ta juya ta da yatsa, ta tsaya a kan kunama, ta ce, "Malam, ai ga inda tsinkena ya zame nan." Na duba, ga ɗan kaucin kuwa a wutsiya. Da gugar farko na bari, da babu shi. Randar tana ɗakin zane, fayil uku kuma suna wurina, na asali da mai tsabta da na waya. Duk mai son gwadawa ya zo da tukunyarsa da rula, mu fara daga kifewa. Wassalam.